Gargaɗi ga masu sayar da kaya a waya: "Na turo kuɗi sun yi yawa, ki maido min"

Jama'a, duk mai tallar kaya a WhatsApp ko Facebook ya tsaya ya karanta wannan. Ƙanwata aka yi wa, a cikin gidanmu.

Atamfa take sarowa a Kantin Kwari tana sawa a waya. Ranar wata Alhamis wata mata ta yi mata magana, ta ce daga Abuja take, tana son turmi biyu. Aka yi ciniki a kan naira 38,000, ko tayi ba ta yi ba. Ba a jima ba saƙo ya shigo wayar ƙanwata da sunan bankinta: an saka naira 83,000. Nan take matar ta kira, murya na rawa. "Ƙanwata, don girman Allah ki taimake ni, garin sauri na juya lambobin. Ɗana na kwance a asibiti, kuɗin maganinsa ne. Ki cire naki ki maido min da 45,000." Ta turo hoton rasit, ta ba da wata lambar asusu, wai ta mai kantin magani ce.

Wa zai riƙe kuɗin maganin yaro? Ƙanwata ta tura 45,000 daga jarinta, ta ba yaro atamfar ya kai wa direba a tasha. Sai da daddare, da ta tashi biyan wanda take sarin kaya a wurinsa, ta ga asusunta ya ragu maimakon ya ƙaru. Ta kira ni tana kuka: "Yaya, ko sisi bai shigo ba." Lambar matar a kashe. Da kuɗin da ta tura da kayan da suka tafi, 83,000 cif ta yi asara.

Alat ɗin na bogi ne. Ana iya tura saƙon tes da sunan banki a samansa, har ya faɗa cikin jerin tsofaffin saƙonnin bankin a wayarka. Hoton rasit kuwa ko yaro zai iya gyara shi. Da muka duba saƙon daga baya, ragowar kuɗin da aka rubuta a ƙasansa bai yi daidai da abin da ke asusunta ba, domin ɓarawon bai san nawa take da shi ba. Da ta buɗe manhajar bankin, ko ta danna lambar duba asusu, da asirin ya tonu cikin minti ɗaya. Shi ya sa suke haɗawa da kuka da kira ba ƙaƙƙautawa, don kada ka samu sukunin dubawa.

Amma akwai wanda ya fi wannan muni, kuma shi na fi so a fahimta. Wani lokaci kuɗin na gaske ne, ka duba ka gan su. Matsalar ita ce ba na mai sayen ba ne. Daga asusun wani bawan Allah aka kwashe su, wanda aka sace wa waya ko aka yaudara ya ba da lambar sirrinsa. Kai kuma da hannunka ka tura "ragowar" zuwa asusun da ɓarawo ya ba ka, ya cire a wurin mai POS ya yi gaba. Idan mai kuɗin ya kai ƙorafi, sawun da banki zai bi ƙofarka ya tsaya. Za a iya rufe asusunka, a nemi ka biya kuɗin gaba ɗaya, har ta kai ka ga yi wa 'yan sanda bayani. Riƙon amanarka suka yi amfani da shi suka wanke kuɗin sata, abin da ya fi ƙona min rai ke nan.

Don haka idan an ce an turo maka fiye da kuɗin kaya, kada ka saki kaya, kada ka mayar da komai a ranar. Duba asusunka da kanka, ka ga sunan wanda ya turo. In sunan ya bambanta da na mai sayen, ko aka ce ka mayar ta wani asusu daban, to a nan maganar ta ƙare. Ka ce masa: "Ka je bankinka ka shigar da ƙorafi, ni ma zan sanar da nawa, su mayar ta hanyar da kuɗin suka zo." Kada ka taɓa kuɗin kafin nan, ka kuma adana saƙonnin da lambar wayar. Wanda ya yi kuskure da gaske zai yarda da haka ko da ransa bai so ba. Ɓarawo kuwa daga magiya zai koma zagi, sannan barazanar kai ka hukuma.

Washegari da sassafe muka je banki da sunan asusun da ta tura wa da lokacin da aka tura. Suka karɓi ƙorafin, amma an riga an kwashe kuɗin tun daren. Yanzu da bashin turmi huɗu take juyawa.