Na kai kayen butikina an juye shi a Excel: ga abin da na gani

Butikina na kayan masarufi ne, a unguwar Zango ta Damagaram, ba nisa da kasuwar Dole. Lissafinmu duk a kaye yake: ni in rubuta, ɗan ƙanena da ke tsaron butikin da rana shi ma ya rubuta, wani da bik, wani da alƙalamin gawayi, ciniki da cefane da bashi a shafi guda. Da watan ya ƙare sai na kai wa wani saurayi mai shagon buga takardu da ordinatar, ya ce zai juye mini shi a Excel, dala hamsin kowane shafi.

Tsarin da ya yi ya burge ni. Ginshiƙi biyar ne: rana, bayani, kuɗin da suka shigo, kuɗin da suka fita, sai saura. Kowane layi na saura yana ɗauko na samansa, ya ƙara abin da ya shigo, ya cire abin da ya fita. A ƙasa kuma jimilla. Ordinatarsa da Faransanci take, don haka ga abin da ya sa:

```
=E2+C3-D3
=SOMME(C2:C400)
```

Bashi bai bar shi cikin ciniki ba, ya buɗe masa shafi dabam. Ya ce, "Baba, kayan da aka ɗauka ba a biya ba, ba kuɗi ba ne a aljihun tebur. Ranar da aka biya, a ranar za mu sa su." Wannan kaɗai ya isa kuɗin da na ba shi, don a kaye kwalin taliyar da maƙwabciya ta ɗauka bashi yana zaune kusa da cinikin hannu kamar an biya.

Inda aka samu tangarɗa kuwa, wata Alhamis ce na ɗauka na gwada, saboda ranar na ƙirga kuɗin tebur da dare na rubuta a gefen shafi. Mun buɗe da sefa 5 000. Cinikin hannu: shinkafa 17 500, mai 9 000, sukari 6 500, ƙananan kaya 4 250, wato 37 250. Wani ya biya tsohon bashi 2 000. Abin da ya fita: saron sabulu 8 000, cefanen gida 2 500, sai ɗan dako da ƙanƙara. Abin da na ƙirga da dare 32 950 ne, amma takardar saurayin ta ce 33 590. Tazarar 640.

Ba wanda ya ɗauki kuɗin. Yaron nan, ɗan ƙanena, da dala yake rubutu, yadda muke faɗa da baki a Damagaram. Ya rubuta "dako 100", yana nufin dala ɗari, sefa 500 ke nan. Ya rubuta "ƙanƙara 60", wato 300. Saurayin ya buga 100 da 60 yadda ya gan su, sai 800 ta koma 160. Ni kuwa da sefa nake rubutawa, shi ya sa shafi ɗaya ya ɗauki ƙirga iri biyu. Saurayin ɗan gari ne, ya san ba ɗan dakon da zai ɗauko buhun shinkafa daga kasuwa a kan sefa 100, ya kamata ya tsaya ya tambaye ni. Gyaran ya ci mana yini: muka bi rubutun yaron layi-layi, muna ninka kowane adadi sau biyar.

Akwai kuma wata ranar da jimillar ta yi ƙasa ƙwarai. Ashe ya buga 17.500 da ɗigo a tsakiya, na'urar ta ɗauke shi rubutu ba adadi ba, SOMME ta tsallake shi shiru. Gane wannan ba wuya: adadi na gaske yana manne a gefen dama na akwatinsa, wanda ya koma rubutu kuma a hagu yake tsayawa. Duk wanda aka miƙa wa irin wannan takarda, ya bi ginshiƙin da ido daga sama zuwa ƙasa kafin ya biya.

Abin da takardar ba ta ba ni ba shi ne riba. Saura kuɗin tebur ne kawai. Sabulun 8 000 da na saro yana nan a kanta bai ƙare ba, amma an jera shi tare da cefane a gidan fita, alhali ɗaya jari ne, ɗaya an cinye. Na nemi ya raba fitar gida uku: saro, hidimar butiki, da abin da na ɗiba don iyali. Ya yi, bai ƙara mini kuɗi ba. A nan ne na ga cefane ya fi haya da kuran in an haɗa su.

Zan koma wurinsa wata mai zuwa, da sharaɗin ya riƙa gwada saurar kowace rana da abin da na ƙirga da dare kafin ya buga mini a takarda. Yaron kuma na ja masa layi uku a sabon kaye, na ce komai da sefa za a rubuta.