Tayoyi biyu a hoto: wacce za a saya wa Corolla?

"Jama'a, mai sayar da taya ya turo mini hoton tayoyi biyu 'yan Beljiyam, ya ce duk lamba 15 ne kuma duk za su shiga Corolla ta 2005. Ta biyun ta fi zane mai kyau, kuma Michelin ce. Ta yaya zan gane wacce ta fi daga rubutun da ke jikinsu?"

Malam, amsar tana cikin hotunan da ka aiko, domin kamfanin da ya yi taya yakan rubuta duk bayaninta a gefenta tun lokacin da ake zuba robar. Ga abin da ya fito a kowane hoto idan aka buɗe shi sosai:

```
1: BRIDGESTONE TURANZA  195/65R15 91H  DOT ... 1423
2: MICHELIN ALPIN       195/60R15 88T  DOT ... 3814  M+S
```

Sunan kamfani shi ne rubutu mafi girma, kuma a nan babu wadda ta kasa, tun da Bridgestone na Japan da Michelin na Faransa duk sanannu ne. Sai dai sunan da ke biye da shi ya fi faɗar gaskiyar aikin da aka yi tayar dominsa. Turanza taya ce ta tafiyar yau da kullum a kan kwalta, ita kuwa Alpin an yi ta ne don hunturun Turai, inda ƙanƙara ke rufe hanya. Shaidar haka ita ce haruffan M+S da kuma ɗan zanen dutse mai kai uku da tauraron ƙanƙara a cikinsa, wanda ya fito a ƙasan hoto na biyu. Robar irin wannan taya an haɗa ta ne don ta kasance da laushi cikin tsananin sanyi, saboda haka a kan kwaltar Kano ko Sakkwato a watan Afrilu tana saurin cinyewa, kuma motar ba ta tsayawa da wuri idan aka taka birki kamar yadda za ta tsaya da tayar da aka yi don zafi. Zurfin zanen da ya burge ka ɗabi'ar tayoyin hunturu ce, ba alamar sabunta ba.

Maganar mai taya cewa duk lamba 15 ne gaskiya ce, amma kashi ɗaya ne kawai cikin ukun girman taya. Lambar farko, 195, faɗin tayar ne a milimita, kuma a nan sun yi daidai. Harafin R yana nuna irin saƙar wayoyin da ke cikinta, 15 kuma faɗin rim ne a inci, wato milimita 381, shi ya sa kowaccensu za ta hau rim ɗinka ba tare da gardama ba. Bambancin yana lambar tsakiya, wadda ba milimita ba ce, kaso ne cikin ɗari na faɗin tayar, kuma ita ke nuna tsayin robar daga bakin rim zuwa ƙasa. A taya ta farko, kashi 65 cikin ɗari na 195 ya kama kusan milimita 127, a ta biyu kuma kashi 60 ya kama 117. Idan aka ninka kowanne sau biyu, sama da ƙasa, aka haɗa da 381 na rim, ta farko tsayinta kusan milimita 635 ne, ta biyu kuma 615.

Wannan santimita biyun ba ƙaramin abu ba ne. Idan aka saka irin ta biyu a maimakon ta farko, motar za ta sauka ƙasa da kusan santimita ɗaya, wanda mai bin hanya mai ramuka zai ji a jikinsa, kuma agogon gudu zai riƙa ƙara kusan kashi uku cikin ɗari a kan gudun da ake yi. Mafi muni shi ne a haɗa su a gaba ko a baya, ɗaya dama ɗaya hagu, domin motar za ta riƙa ja gefe ɗaya, birkinta kuma ba zai kama daidai ba. Kafin ka biya kuɗi, ka buɗe ƙofar direba ka duba 'yar takardar da ke manne a jikin ginshiƙin, inda kamfanin motar ya rubuta girman da ya dace. Corolla ta wannan shekara da yawa 195/65R15 suke ɗauka, wasu kuma 185/65R15.

Lambobin da ke bayan girman su ma sun karkata ga ta farko. Lamba 91 tana nufin taya ɗaya za ta ɗauki kilo 615, 88 kuma kilo 560, wato ragin kilo 220 ke nan a ƙafa huɗu, abin da ba zai yi wa motar da ake cika ta da iyali da kaya daɗi ba. Harafin H iyakarsa kilomita 210 a awa, T kuma 190.

Abin da ya yanke hukunci a wurina shi ne shekaru. Ana neman layin da ya fara da DOT kusa da bakin rim, a bi haruffa da lambobin da ke biye har ƙarshe, inda lambobi huɗu suke zaune, galibi cikin wani ɗan zobe mai siffar ƙwai. Biyun farko mako ne na shekara, biyun ƙarshe kuma shekarar ce. Ta haka 1423 yana nufin mako na 14 na shekarar 2023, wato farkon Afrilu, 3814 kuma mako na 38 na shekarar 2014, wato tsakiyar Satumba. A nan ne mutane ke ruɗewa, domin duka biyun suna da 14 a jikinsu, kuma wanda ya karanta a juye zai ɗauka ta farko ce ta 2014. Hanyar kauce wa wannan ita ce tuna cewa shekara tana ƙarshe kullum, kuma lambobin farko ba sa wuce 53. Tsakanin tayoyin nan akwai shekara takwas da rabi. Kamfanin Michelin da kansa yana ba da shawarar a riƙa duba taya kowace shekara da zarar ta yi shekara biyar tana aiki, a kuma cire ta idan ta kai shekara goma da yi, ko da zanenta bai taɓu ba, domin roba tana bushewa ta tsattsage, kuma zafi yana hanzarta hakan. Ta biyu ta riga ta haura wannan iyakar.

Akwai wurare biyu da hoto ke yaudarar mai karatu a wannan layi. Kamfanoni da yawa a gefe ɗaya kawai suke buga cikakkiyar lambar, saboda haka idan ka ga DOT da 'yan haruffa babu lambobi huɗu a ƙarshe, ka ce a juya tayar a sake ɗauka. Haka kuma akwai wani zobe mai harafin E da lamba, kamar E4, da doguwar lamba a kusa da shi, wanda shaidar amincewar Turai ce, ba ranar yi ba. Idan kuma wurin lambobin huɗun ya yi kama da an goge shi, ko siffarsu ta bambanta ƙwarai da sauran rubutun, ka bar tayar komai arharta.

Ni ta farko zan zaɓa, amma ba zan biya a kan hoto kaɗai ba. Mai sayarwa yakan shafa wa taya mai ta yi sheƙi, kuma sheƙin yana ɓoye ƙananan tsagu. Ka nemi ya goge gefen ya ɗauka da rana, hasken yana zuwa daga gefe don rubutun ya yi inuwa, ya kuma ɗauki cikin tayar domin a ga ko akwai faci kusa da gefe, wanda ba wurin faci ba ne. Idan ka je karɓa, ka tabbatar 1423 ɗin da ka gani a hoto shi ne a jikin tayar da aka miƙo maka, sannan ka sa mai faci ya ba ta iska ya juya ta a gabanka, ku duba ko wani wuri ya kumbura kafin a ɗaura ta a mota.