VPN ya nuna kore amma DNS na yoyo: yadda za ka gwada, da wanne ya dace ka zaɓa kafin ka biya

Mutane da yawa da zarar manhajar VPN ta nuna kore, sun duba IP ɗinsu sun ga Jamus ko Holand, sai su ce shikenan an rufe ko'ina. Ba haka ba ne fa. Bututun VPN, wato rufaffiyar hanyar da ke tsakanin laftof ɗinka da sabar VPN ɗin, zai iya ɗaukar duk abin da kake buɗewa amma tambayar da laftof ke yi kafin ya buɗe, wato ina adireshin wannan sunan, tana fita ta gefe zuwa rautarka, daga can zuwa kamfanin da kake sayen data a wurinsa. Wannan tambayar ita ce DNS, tana bin ƙofa mai lamba 53 kuma yawanci tsirara take tafiya babu wani lulluɓi, don haka ko ba su ga me ka karanta ba sun ga sunan duk inda ka je da lokacin da ka je. Abin yana damuna sosai saboda mutum ya biya kuɗinsa yana ganin ya tsira alhali bai tsira ba.

Dalilin yoyon ba wani abin mamaki ba ne. Lokacin da ka haɗa waifai, rautar tana ba laftof adireshinta a matsayin DNS, irin 192.168.8.1 na ƙananan rautoci da yawa ko 172.20.10.1 in hotsfot ɗin iPhone ne. To wannan adireshin na cikin gida ne, hanyarsa ba ta bi ta bututu, ko da ka ce duk zirga-zirga ta bi VPN. In dai ba a canza wanda ake tambaya ba, ko ba a toshe tsohon ba, laftof zai ci gaba da tambayar rauta kamar da.

Wajen gwaji akwai hanya biyu kuma ba aiki ɗaya suke yi ba. Ta farko ita ce irin su dnsleaktest.com da ipleak.net, kyauta ne, minti ɗaya ka gama. Yadda suke aiki shi ne su sa burauzarka ta nemi wasu sunaye na bogi da babu wanda ya taɓa nema, dole tambayar ta isa sabarsu, sai su rubuta wace saba ce ta kawo ta. A dnsleaktest ka danna `Extended test` ba `Standard test` ba, don ya fi yawan tambayoyi kuma yoyon wani lokaci ba kowace tambaya yake kamawa ba. Ka fara yi VPN a kashe tukunna ka rubuta abin da ka gani, sannan ka kunna ka sake. In sunan kamfanin datarka ya fito a na biyun ko da sau ɗaya ne cikin jerin, akwai yoyo.

Inda mutane ke ruɗewa shi ne idan suka ga Cloudflare ko Google. Ganin su ba ya nufin lafiya lau, ba ya kuma nufin matsala, ƙasar za ka duba. Kana haɗe da Frankfurt amma sabar Cloudflare da ta fito ta Legas ce, to tambayar ba ta bi bututu ba, ta fita ta waifai ɗinka ta samu mafi kusa. Sannan wannan gwajin burauza kawai yake gani. In Firefox ko Chrome suna amfani da nasu ɓoyayyen DNS ɗin, gwajin zai fito fes alhali sauran manhajojin laftof ɗin na can suna tambayar rauta.

Shi ya sa na fi yarda da hanya ta biyu, ka tsaya a bakin ƙofar waifai ɗin da kanka ka ga me ke fita. A Linux:

```
sudo tcpdump -ni wlan0 port 53
```

Ka sa sunan katin waifai naka a madadin wlan0, `ip a` zai nuna maka. A Windows kuma Wireshark za ka sauke, shi ma kyauta, ka zaɓi Wi-Fi ka rubuta `dns` a wurin tacewa. Sai ka kunna VPN ka buɗe wani wuri da ba ka taɓa buɗewa ba. In komai daidai ne allon zai zauna shiru, ko layi ɗaya ba zai fito ba.

Bari in kawo wanda na gyara da hannuna. Laftof ne mai Ubuntu na wani ƙanena, ya yi hayar ƙaramar saba a Frankfurt ya ɗora WireGuard, manhajar haɗa VPN da kanka, yana haɗawa ta ƙaramar rauta ta aljihu. IP ya nuna Jamus, murna yake ta yi. Muna kunna tcpdump ya buɗe burauza sai ga layuka suna ta zubowa, kowanne daga 192.168.8.100 zuwa 192.168.8.1.53, da sunan wurin da ya buɗe ɓaro-ɓaro a ƙarshen layin. Na ce masa Malam zo ka gani da idonka. Da muka buga `resolvectl status` sai muka tarar wg0, wato bututun WireGuard ɗin, ba shi da DNS ko ɗaya, na waifai ne kaɗai ke da shi. Ashe ranar da ya fara haɗawa wg-quick, umarnin da ke tada WireGuard, ya ƙi tashi yana cewa `resolvconf: command not found`, sai ya goge layin `DNS =` daga fayil ɗin WireGuard don abin ya tashi, ya kuwa tashi, amma da ƙofa a buɗe. Abin da muka ƙara a ƙarƙashin `[Interface]` ke nan:

```
PostUp = resolvectl dns %i 1.1.1.1
PostUp = resolvectl domain %i "~."
```

Layi na biyun shi ne mai muhimmanci, wannan `~.` ɗin yana gaya wa systemd-resolved, mai kula da DNS a Ubuntu, cewa kowane suna ta wannan bututun za a tambaya, ban da shi zai iya ci gaba da tambayar waifai ma. Mun sa 1.1.1.1 na Cloudflare ne saboda sabarsa ba ta da nata mai amsa DNS, kuma tunda `AllowedIPs = 0.0.0.0/0, ::/0` ne tambayar tana shiga bututu ta fito a Frankfurt. Muka kashe muka kunna, tcpdump ya yi tsit, gwajin burauza ya nuna Cloudflare a Jamus.

To yanzu batun zaɓi, wanda shi ne ya sa na ɗauko zancen.

Na farko manhajar kamfanin VPN ta kansa, irin Mullvad ko Proton VPN. Mullvad yuro 5 ne a wata, Proton kuma yana da tsarin kyauta da za ka iya gwadawa kafin ka ciro ko sisi. Abin da kake saya a nan ba sauri ba ne kawai, suna da DNS nasu a cikin bututun, na Mullvad 10.64.0.1, adireshin da ba ya ma aiki sai kana ciki, kuma manhajar Mullvad tana sa dokar fayawol da ke hana tambayar DNS fita ta gefe. Ga wanda ba ya son taɓa fayil ko buga umarni ni wannan nake ba wa shawara, musamman mai Windows. Illarsa ita ce duk sunayen da kake nema yanzu suna hannun kamfanin VPN ɗin, ka ɗauke amana daga wani ka ba wani ne, sai ka zaɓi wanda ka yarda da shi. Kuma ko wane kamfani ne kar ka biya shekara guda a karon farko, ka biya wata ɗaya ka yi gwajin nan biyu tukunna.

Na biyu WireGuard da fayil ɗin da ka rubuta ko aka ba ka. Wannan ne zaɓina, ba shi da nauyi, fayil ɗin bai wuce layi goma sha wani abu ba kana ganin komai. A Windows ma yana da sauƙi, ka tabbata akwai layin `DNS =`, sannan in ka danna Edit akwai akwatin `Block untunneled traffic (kill-switch)` a ƙasa, ka bar shi a kunne. Mutane na cire shi saboda firintar ofis ko wata na'ura ta cikin gida ta daina amsawa, to su sani sun buɗe hanyar gefe ke nan. Sai dai duk kuskuren da ka yi babu mai gaya maka, kamar yadda ya faru da ƙanena.

Na uku OpenVPN, wanda yawanci ba kai ka zaɓa ba, wurin aiki ko makaranta ne suka ba ka fayil mai `.ovpn`. A Windows nan yoyo ya fi yawa, domin tun daga Windows 8 akwai wani tsari da ke iya aika tambaya ɗaya ta katin netwok fiye da ɗaya don a samu amsa da wuri. Maganin layi ɗaya ne a cikin fayil ɗin:

```
block-outside-dns
```

Ya shigo tun siga ta 2.3.9, kuma Windows kaɗai yake wa aiki. Mai Linux shi sai ya haɗa da update-systemd-resolved ko ya shigo da fayil ɗin ta NetworkManager sannan ya duba `resolvectl status`. Amma in VPN ɗin na ofis ne ka tambayi mai kula da shi kafin ka taɓa, wasu da gangan suke raba hanya, kayan ofis kawai ke bin bututu.

Akwai kuma abu biyu da ake yawan ba mutane a matsayin magani wanda ni ban ɗauke su magani ba. Canza DNS na waifai zuwa 8.8.8.8 na Google yana iya taimakawa in duk zirga-zirga na bin bututu, amma da bututun ya yanke na daƙiƙa biyar tambayoyin za su fita tsirara kamar da, kuma gwajin zai nuna Google ka ɗauka ka gyara. Kunna ɓoyayyen DNS a burauza kuma yana rufe burauzar ne kawai, manhajar imel da sauran su ba ruwansu da shi. In za ka yi gwaji ma ka kashe shi tukunna don kar ya rufe maka ido.

Kar ka manta da IPv6. In layinka na bayar da shi kuma fayil ɗinka na WireGuard `0.0.0.0/0` kaɗai ya ɗauka babu `::/0`, to ba DNS kaɗai ba har ainihin zirga-zirgar na iya bin gefe, ipleak.net zai nuna maka adireshi na biyu mai tsawo da ba na VPN ba. Ko dai ka ƙara `::/0` ko ka kashe IPv6 a katin waifai ɗin.

Bayan kowane gyara ka share abin da laftof ya haddace, `ipconfig /flushdns` a Windows ko `resolvectl flush-caches` a Linux, in ba haka ba tsofaffin amsoshi za su sa ka ga shiru na ƙarya. Sannan kar ka tsaya a gwaji ɗaya kana zaune, ka rufe murfin laftof ɗin ya yi barci ka buɗe, ka sauka daga rauta ka koma hotsfot ɗin waya, duk Wireshark ko tcpdump na kunne, domin a lokacin sake haɗawar nan ne rauta ke sake tura nata DNS ɗin kuma nan ne za ka gane wace manhaja ce ke riƙe ƙofar da gaske. Wadda ta bar ko layi biyu suka fita a wannan tsakanin, ni dai ba zan sabunta kuɗinta wata mai zuwa ba.