Kibiya biyu ko huɗu? Katako a bisa tebur

"Assalamu alaikum yayyena. Ina aji huɗu na sakandare a Gusau. An ba mu aikin gida: guntun katako mai kilo 2 yana ajiye bisa tebur, a zana duk ƙarfin da ke aiki a kansa. Ni kibiya biyu na yi, ƙawata ta yi huɗu, ta ƙara dannar da katakon ke yi wa tebur da kuma gogayya. Na wa ne daidai?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Naki ne daidai, amma kada ki tsaya nan, don ina so ki iya kare shi ko a gaban malami. Ɗauko takardarki da tata, ki ajiye su kusa da juna mu bi su.

Sharaɗin irin wannan zane ɗaya ne: ana ware abu guda ne, a zana shi shi kaɗai. Akwati ɗan ƙarami ya isa, ba tebur, ba ƙafafunsa, ba daɓe. Daga nan duk kibiyar da za ta hau zanen sai ta cike wannan jimla: "wane ne yake tura katako, ko yake jan katako." In katako bai zo a matsayin wanda ake yi wa ba, kibiyar ba ta nan ba ce.

A kibiyoyi biyu na farko bakinku ɗaya ke da ita. Ta ɗaya nauyi ne, W, wato jan da duniya ke yi wa katako. Tana tashi daga tsakiyarsa ta nufi ƙasa sak. Girmanta W = mg, kuma da yake a aji ana ɗaukar g a matsayin 10 m/s² (ainihinsa kusan 9.8 ne), kilo 2 zai ba ki 2 × 10 = 20 N. Ta biyu turin tebur ne, wanda littattafanmu suka fi yi wa alamar R. Tana tashi daga inda katako ya taɓa tebur ta miƙe sama, a tsaye cak kan fuskar teburin. Tunda katakon ba ya hawa, ba ya sauka, R − W = 0, don haka R = 20 N. Ki sa rula ki daidaita tsawon kibiyoyin biyu, domin tsawon ma bayani ne.

Ɗalibai da yawa kan yi shakkar R, su ce yaya tebur da ba ya motsi zai yi turi? Ki gitta rular roba tsakanin littattafai biyu, ki ɗora ɗan dutse a tsakiya. Za ki ga ta lanƙwasa kaɗan sannan ta riƙe. Wannan ƙoƙarin komawa yadda take shi ne turin. Tebur ma haka yake lotsawa, sai dai ido ba ya kama shi.

Yanzu ga inda kuka rabu. Kibiyar ƙawarki ta uku ba ƙarya ba ce, katako yana danna tebur da 20 N. Amma wa ake dannawa? Tebur. Kenan gidanta zanen tebur ne, ranar da aka ce a zana na tebur. Ki gwada lissafin zanenta ki gani: ƙasa 20 da 20 sun zama 40, sama 20, saura 20 N ƙasa. In kin raba da kilo 2, katakon zai riƙa nutsewa cikin tebur da 10 m/s², tamkar an sake shi a iska. A naki kuwa saura sifili ne, kuma abin da ido ke gani kenan.

Ta huɗu, gogayya, tambaya ɗaya ta ishe ta: ina ta nufa, dama ko hagu? Ba za ta iya faɗa ba, domin gogayya a abin da ke tsaye tana tasowa ne idan wani abu na neman zamar da shi. Tebur a miƙe yake, ba mai turi ta gefe, saboda haka sifili ce. Da za a zana ta ita kaɗai a kwance, babu abin da zai tare ta, sai katako ya kama tafiya da kansa. Amma ki tura shi da yatsa ta dama da 3 N ya ƙi gusawa, nan take zanen ya zama na kibiya huɗu na gaskiya: W ƙasa, R sama, turin yatsa 3 N dama, gogayya 3 N hagu. Kin ga ba yawan kibiya ne laifi ba, rashin dalilinta ne.

Akwai kuma tarkon da ke jiran mai kibiya biyu, kuma shi ya fi damuna. Ganin W da R sun zo daidai kuma suna kishiyantar juna, sai a rubuta cewa su ne tagwayen da dokar Niyuton ta uku ke nufi. Ba su ba ne. Tagwayen waccan doka ba sa taɓa haɗuwa a jikin abu guda, kuma iri ɗaya suke. Abokin W shi ne jan da katako ke yi wa duniya, 20 N sama, yana aiki kan duniya. Abokin R kuwa shi ne ainihin kibiyar nan ta uku ta ƙawarki, mai aiki kan tebur. Daidaiton W da R daga dokar farko ya fito, saboda katakon yana zaune lafiya, kuma yana iya rushewa.

Ga yadda za ki rusa shi. Ki danna katakon da tafin hannu da 5 N: W yana nan 20 N, amma tebur yanzu sai ya tare 20 + 5, R ya koma 25 N. Ki ɗaura masa zare ki ja sama da 8 N ba tare da ya tashi ba: R + 8 = 20, R ya sauko 12 N. In kin kai jan 20 N, R ya zama sifili, katako na gab da rabuwa da tebur. Duk wannan W bai motsa ba, domin shi kilo da g kawai ya sani, R ne ke bin hali. In kin shiga kasuwar Gusau, ki lura da sikelin mai awo: a taɓa tiren da yatsa allura ta yi gaba, alhali ba a ƙara ko ƙwaya ba. Abin da sikeli ke aunawa dannar da ake yi masa ce, abokiyar R, ba nauyin kayan kai tsaye ba.

Tunda an ce duk ƙarfi, wani zai tambayi iska. Gaskiya tana ɗan tallafa katakon sama, amma ga guntu mai kilo 2 abin bai kai 0.05 N ba, shi ya sa ake barin ta.

Wajen rubuta amsa, kada ki bar haruffa tsirara. Gefen kibiyar ƙasa ki sa "W = 20 N, jan duniya a kan katako", gefen ta sama "R = 20 N, turin tebur a kan katako", sannan a ƙarƙashi ki ƙara cewa babu gogayya domin babu wani ƙarfi a kwance. Ƙawarki kuma ba sai ta yaga takardarta ba. Ta goge gogayya, ta zana tebur shi kaɗai a gefe, ta mayar da kibiyarta ta uku can, tare da nauyin teburin kansa da turin da daɓe ke yi wa ƙafafunsa.