Waya Ko Wayifai: Wanne Ya Fi Rage Fin?

Mai wasan intanet a Ringim, in yana da rauta mai layi, zaɓinsa biyu ne: ya haɗa kwamfuta da wayifai, ko ya ja wayar kebul daga rautar.

Wayifai ya fi sauƙi, amma bango na raunana shi, kuma kowa a gida da shi yake amfani. Da zarar ƙanwarka ta fara tura bidiyo, fin ɗinka, wato lokacin da saƙo ke ɗauka ya je ya dawo, zai yi sama, harbi ya makara. Waya ba ta da wannan rawar kai. Gwada kowanne da wannan umarnin a kwamfuta, ka sa lambar rautarka in ta bambanta:

```
ping 192.168.0.1
```

Da waya za ka ga kusan milisakan 1. In wayifai yana tsalle daga 3 zuwa 80, laifin na cikin gida ne, kuma ni waya zan ja.

Sai dai waya ba ta gyara tsakanin rauta da turken sabis, ba ta rage nisan da ke tsakaninka da saba, wato kwamfutar da ke ɗauke da wasan. Sabar Turai ta fi ta Amurka kusa da mu, ita za ka zaɓa. Ka dakatar da sabunta manhajoji kafin wasa, domin ko da waya, layin ɗaya kuke rabawa.