Ka rubuta wasiƙar neman bayani ko ka cusa kuɗin cikin farashi ka yi shiru?

Tambaya daga wani ɗan'uwa a Jidda: "Salamu alaikum. Ina yi wa wani mukawil, wato ɗan kwangila, lissafin farashi. Mun sayi kurrasar ginin makaranta, wato kundin takardun gasar kwangilar, sai na ga jadawalin kammiyya, wanda ya jera adadin kowane aiki, bai yi daidai da zane ba. Bulo an rubuta murabba'in mita 1,850, ni kuma na auna 2,430. Layin shimfiɗar hana yoyo ta rufi yana nan amma gurbin adadi fayau. Katangar kewaye tana cikin zane, babu ita a jadawali sam. Maigidana ya ce in cusa kuɗin a wasu layuka mu yi shiru. In rubuta musu ne ko in bi maganarsa?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ni dai rubutawa zan yi, amma maganar maigidanka ba ta banza ba ce, don haka bari mu jera hanyoyin biyu mu ga inda kowacce take kaiwa.

Kafin komai, buɗe kurrasar ka nemo yadda za a biya kuɗin aikin. Idan kwangilar ta awo ce, wato injiniyan mai aiki zai auna abin da aka gina a biya bisa farashin kowace mita, adadin da ke jadawali ƙiyasi ne kawai. Idan kuwa ta dunƙule ce, wadda a nan ake kira maƙɗu'iyya, kuɗin da ka rubuta a ƙasan takarda shi ne kuɗin duk abin da zane da ƙa'idojin aiki suka nuna, ko jadawali ya ambace shi ko bai ambata ba. Masu aiki da kwangilolin FIDIC, samfuran kwangilar gini na ƙasa da ƙasa, sun san wannan bambanci: jan littafi na awo ne, rawaya da na azurfa kuwa na dunƙule ne. Amsar tambayarka rabinta tana nan.

Yanzu mu sa kuɗi a kan giɓin nan uku, da farashin da na ɗauka don misali kawai, kai ka sa naka. Bulo ya gaza da murabba'in mita 580; a kan riyal 55 ya kama 31,900. A ce rufin murabba'in mita 900 ne, a kan riyal 45, ya kama 40,500. A ce katangar mita 240 ce, da tushenta da ginshiƙanta da filasta, a kan riyal 650 kowace mita, ya kama 156,000. Jimla riyal 228,400. Idan tayinku gaba ɗaya miliyan 3.2 ne, wannan ya ɗan haura kashi 7 cikin ɗari. Mukawil da ya sa ribar kashi 8 kuwa, kusan duk guminsa ke nan.

Hanyar shiru

Abin da maigidanka yake hange shi ne: duk tambayar da aka aika, amsarta ga kowa da kowa take zuwa. Kai ka kwana kana awo, wanda bai buɗe zane ba ya samu a ɓagas. Gaskiya ne, kuma yana da ciwo.

Amma shirun iri biyu ne, kuma kowanne da raminsa. Na farko, ka cusa kuɗin. Tayinka ya hau da kashi 7 a kan na wanda bai lura ba, shi ya ci aikin, kai ka tashi da kuɗin kurrasa da na lamunin banki. Sannan cusawar kanta tana tona asiri. Ɗauki riyal 156,000 na katanga ka raba a kan mita 1,850 na bulo: kowace mita ta ƙaru da kusan riyal 84, farashin ya tashi daga 55 zuwa 139. Kwamitin duba tayi yana da ƙiyasinsa a gabansa, kuma babu injiniyan da zai ga bulo a wannan kuɗi bai ɗaga gira ba. Ko an bar shi ya wuce, ranar da mai aiki ya rage bulon, misali ya mayar da wasu ɗakuna na allon jibis, kuɗin katangarka ya bi shi, alhali katangar tana nan tana jiranka.

Shiru na biyu shi ne ka sa farashi a kan jadawali yadda yake, ka ci aikin da araha, ka jira a zo gini ka nemi ƙari. A kwangilar awo wannan yana aiki a kan bulo, domin layin yana nan, farashinsa yana nan, za a auna 2,430 a biya ka. A kan katanga ba haka ba ne: babu layi, babu farashi, sai an zauna an yi ciniki bayan ka riga ka sa hannu, lokacin da ba ka da ƙarfin cewa a'a. Kuma idan aikin gwamnati ne, dokar gasar kwangiloli da sayayyar gwamnati ta 2019 ta ɗaure ƙarin da hukuma za ta iya yi a kan kashi 10 na kuɗin kwangila, ragi kuma kashi 20. A misalinmu ƙarin bai wuce riyal 320,000 ba, ga shi giɓinku kaɗai ya cinye fiye da kashi biyu cikin uku tun ba a haƙa tushe ba. A kwangilar dunƙule kuwa ba a ma kai nan: za a buɗe maka zane a ce ai ka gani kafin ka sa farashi.

Na taɓa cin wannan tuwon. Wani ƙaramin aiki ne na dunƙule a Makka, tankin ruwa na ƙasa yana cikin zane, babu shi a jadawali. Ranar ziyarar fili na tambayi injiniyan da ya zagaya da mu, ya ce kada in damu, wani ne zai yi. Ban rubuta ba. Da aka zo gini an riga an sauya shi, wanda ya gaje shi ya ce in nuna masa takarda. Da aljihunmu muka gina tankin.

Hanyar wasiƙa

Abin da wasiƙa take saya maka shi ne kowa ya sa farashi a kan abu ɗaya. Da zarar an fitar da gyararren jadawali, wanda ya rufe ido ga katanga dole ya sa mata kuɗi, ratar kashi 7 ɗin nan ta ɓace. Amsar kuma tana zama wani ɓangare na takardun gasar, abin da za ka iya ɗagawa bayan shekara biyu idan gardama ta tashi. Idan ma sun amsa da cewa katangar ba ta cikin aikin, ka huta, ka cire ta da hujja a hannu.

Layin rufin da aka bari fayau ya fi sauran gaggawa, ko da yake ba shi ne mafi tsada ba. A gasar gwamnati, layin da ba ka sa wa farashi ba, kwamiti yana iya jefar da tayinka saboda shi, ko ya ɗauka kuɗinsa yana cikin jimlarka, ka yi shi kyauta. Kuma ba ka da damar gyara musu jadawali da alƙalaminka, ko ƙara layi, ko rubuta sharaɗi a gefe. Ƙofa ɗaya ce aka bar maka: tambaya a rubuce, ta Etimad, shafin gwamnatin Saudiyya na gasar kwangiloli, idan ta can aka sanar da gasar, kafin ranar rufe tambayoyi. Wannan rana dabam take da ranar rufe tayi, tana riganta, kuma mutane da yawa a nan suke makara.

Sai dai wasiƙa suna suka tara. Ga yadda akasari ake rubutawa: "Mun lura akwai kurakurai da yawa a jadawalin kammiyya, muna roƙon a duba a gyara." Amsar da za ta dawo na san ta tun yanzu: a bi abin da ke cikin kurrasa. Ka yi tambaya, ba ka samu komai ba, ka kuma kafa wa kanka shaida cewa ka san da matsalar.

Wadda take aiki tana ware kowane giɓi da lambarsa, ta faɗi inda yake, ta kawo awonka, ta ƙare da tambayar da amsarta adadi ne ko "e" ko "a'a". Da Larabci za ka rubuta, amma ga ma'anar:

Na ɗaya, layi kaza, bulo mai kaurin santimita 20: jadawali ya ce 1,850, awonmu daga zane lamba kaza da kaza ya ba da 2,430 bayan cire ƙofofi da tagogi. A tabbatar mana da adadin da za a sa wa farashi. Na biyu, layi kaza, shimfiɗar hana yoyo: babu adadi, awonmu 900. A ba mu adadin, a kuma bayyana ko ya haɗa da naɗin da ke hawa jikin bangon rufi. Na uku, katangar kewaye a zanen fili lamba kaza, tsawon mita 240: ba ta da layi. Tana cikin wannan aiki? Idan tana ciki, a fitar da layinta da adadinta. Na huɗu, idan zane da jadawali suka saɓa, wanne ne a gaba? Na biyar, idan za a fitar da gyararren jadawali, muna neman a ƙara wa'adin miƙa tayi.

Ka lura da "bayan cire ƙofofi da tagogi". Kafin ka aika, sake awon bulon, domin sau da yawa ratar daga wurinmu take: an manta an cire buɗaɗɗun wurare, ko an haɗa bulon santimita 10 na banɗakuna da na 20 alhali yana da layinsa dabam, ko ana auna tsayi har saman kankaren rufi ba a cire kaurin bim ba. Ka kuma leƙa layukan ayyukan waje da shafin bayanan farko na jadawali, wani lokaci katangar tana ɓoye a can a dunƙule cikin jimla guda. Tambaya ɗaya da ta fito kuskurenka ce tana sa a raina sauran huɗun.

Abu biyu kada su shiga wasiƙar: farashinka, da zargi. Adadi kawai ake tambaya. Wanda zai amsa maka galibi shi ne ya shirya jadawalin, kuma idan ka ci aikin da shi za ka zauna shekara guda ko fiye.

Inda zan yarda da maigidanka wuri ɗaya ne: idan kwangilar ta awo ce kuma bulon kaɗai ne matsala, shiru ba ya cutarwa, ka sa farashinka na gaskiya a kan kowace mita, awo zai biya ka. Rufi da katanga kuwa, ko wace iri ce kwangilar, sai an rubuta.

In ranar miƙa tayi ta matso amsa ba ta zo ba, a aikin kamfani mai zaman kansa kana iya haɗa tayinka da takardar da ta ce farashin bai haɗa da katanga ba, ka sa kuɗinta dabam a ƙasa. A aikin gwamnati wannan sharaɗi yana iya sa a ajiye tayin gefe, don haka zaɓi biyu ya rage: ku sa kuɗin cikakken aikin yadda zane ya nuna, ko ku haƙura da gasar. Ka kai wa maigidanka lissafin riyal 228,400 ɗin a takarda ɗaya, kusa da ribar da yake sa rai, shi ya zaɓa.