Gargaɗi ga masu shirya taro: hattara da mai sayen tebur guda ya dawo neman ragowar kuɗi

Jama'a masu shirya taro da liyafa da ake sayar da kujeru tebur-tebur, don Allah ku karanta wannan kafin ku mayar wa kowa da kuɗi. Akwai wata damfara da ke shigowa ta wajen mutum ɗaya da zai yi wa iyalinsa ko kamfaninsu rajista ya biya gaba ɗaya. Abin da ya sa take cin mutane shi ne a kullum irin wannan mai sayen muke fata, mai biya ba ciniki.

A ɗauka teburinku na mutum 10 ne. Wani ya yi rajista da sunan kamfani, ya biya duka da kati ta intanet, kuɗi suka shigo, kuka aika masa tikiti 10. Kun nemi sunayen waɗanda za su zauna, ya ce sai shugabansu ya tantance. Bayan 'yan kwanaki ya dawo cikin ladabi, ya ce mutum 4 ba za su samu zuwa ba, a mayar masa da kuɗinsu. Sai dai katin da ya biya da shi wai an rufe shi, don haka a tura wani asusu, na akawunsu. A nan tarkon yake, domin katin nan na sata ne tun farko.

Mai katin na gaskiya ba zai lura nan take ba. Ranar da ya ga an cire masa kuɗi, zai kai ƙara bankinsa, banki kuma ya janye kuɗin daga wajenku. A tsarin Visa da Mastercard, yawancin irin wannan ƙara ana karɓarta har kwana 120, wato taro ya daɗe da watsewa. Kuma banki kuɗin kujera 10 zai janye cif, babu ruwansa da 4 da kuka tura wani asusu, domin a wajensa wannan wata hulɗa ce daban. Kun yi asarar kuɗin kujera 4 daga aljihunku, ga cajin ƙara da kamfanin karɓar kuɗi kan ɗora. Sauran tikiti 6 kuwa, tunda babu suna a kansu, ya riga ya sayar wa bayin Allah da arha, kun karɓe su kyauta ba ku sani ba. Waɗannan mutanen su ma suna ba ni tausayi, don da zuciya ɗaya suka saya.

Maganin babba guda ne: kuɗi su koma ta hanyar da suka shigo. Wanda ya biya da kati, ku buɗe wannan biyan a shafin kamfanin karɓar kuɗinku, ku danna Refund, ku sa adadin kujera 4. Idan katin na sata ne, kuɗin sun tafi wajen mai su, kuma kuna da shaidar nunawa idan ƙara ta zo. Zancen an rufe kati kada ya ɗaga muku hankali. Ko kati ya ƙare ko an canza shi, bankin da ya bayar da shi ne ke karɓar kuɗin ya isar wa mai asusun. Mai gaskiya zai ce to. Wanda ya fara fushi, ko ya ce dole yau-yau, ya nuna muku kansa.

Sai batun suna. Na san masu sayen tebur da yawa da gaske ba su san wa zai zo ba sai an matso, ba laifi ba ne. Amma kada ku saki tikiti 10 marasa suna a hannun mutum ɗaya. Ku ba shi takardar shaidar biya kawai, ku sa ranar ƙarshe ta kawo sunaye, kowane tikiti ya fita da sunan mai shi da lambarsa daban. Idan da sunan kamfani aka saya, ku nemo lambar wayar kamfanin da kanku, kada ku yi amfani da wadda ya rubuta a fom, ku kira ku tambaya ko sun san da teburin.

Ku kuma tambayi kamfanin karɓar kuɗinku ko 3-D Secure na aiki a shafinku, wato matakin da banki ke tantance mai kati kafin kuɗi su fita. Idan biya ya bi ta nan, galibi alhakin ƙarar sata yana komawa kan bankin mai katin. Bai hana kowace ƙara ba, don haka ko da shi, dokar mayar da kuɗi tana nan. Ku rubuta ta a fom ɗin rajista, kuma ku gaya wa duk ma'aikacin da ke da ikon fitar da kuɗi, domin ɗan damfara yakan tsallake shugaba ya nemi wanda ke amsa waya.